Hannun da Ya Kutso Cikin Hoto: Ina Za a Datse, Yaushe Za a Haƙura

Ranar 5 ga Maris, 1960, ana taron makoki a birnin Havana na ƙasar Cuba saboda mutanen da suka mutu a fashewar jirgin ruwan La Coubre, sai Che Guevara ya matso gaban dandamali na ɗan lokaci. Mai ɗaukar hoto Alberto Korda ya ɗauke shi sau biyu kafin ya ja da baya. Hoton da duniya ta sani, wanda ake bugawa a riguna da bango, ba haka ya fito daga fim ba. Na asalin a kwance yake. Ta hagu gefen fuskar wani mutum ya shigo, ta dama kuma ga ganyen wata bishiya mai kama da dabino. Korda ya datse gefen biyu, ya mai da hoton a tsaye, ya bar fuska da hula da sararin sama.

Wannan datsa ta yi arha ƙwarai, kuma dalilin a fili yake. Tsakanin Guevara da mutumin nan na hagu akwai sarari, haka ma tsakaninsa da ganyen. Ana iya jan miƙaƙƙen layi daga sama har ƙasa ta kowane gefe ba tare da an taɓa fuskarsa ko gashinsa ba. Abin da aka zubar ba ya cikin abin da ake so. Mai ɗaukar hoton biki a Kano ko Damagaram ba kasafai yake samun wannan sa'a ba, domin shi abin da ke kutso masa yawanci ba fuskar da ke tsaye can gefe ba ce. Hannu ne, kuma hannun ya taho ne da niyyar isa jikin wanda ake ɗauka.

Duk wanda ya taɓa riƙe kyamara a wurin kamu ko suna ya san shi. Amarya ta zauna, haske ya yi daidai, ta yi murmushin da ba za ta sake irinsa ba a ranar, sai ga hannun wata gwaggo ya miƙo zai gyara mata mayafi. Ko hannun mai liƙi da kuɗi a tsakanin yatsu, ko na ƙawa riƙe da waya tana nata ɗaukar. A ido, lokacin da abin ke faruwa, ba wanda ya lura, saboda kowa na ganin gwaggon gaba ɗayanta. A hoto kuwa an bar gwaggon a waje, hannun kaɗai ya shigo. Hannu marar mai shi yana jan ido fiye da kusan komai in ban da fuska. Fata ce, ido kuma yana neman fata. Yatsu suna nuni, ido yana bin nuni. Sannan mai kallo ba ya iya hana kansa tambayar ko hannun wane ne, kuma muddin yana wannan tambaya to ba amarya yake kallo ba.

Datsewa ita ce magani mafi tsabta, domin ba ta ƙara wa hoto abin da babu a cikinsa. Amma iyakarta ɗaya ce mai tsanani: layuka huɗu ne miƙaƙƙu. Ba ta lanƙwasa ta kewaye kafaɗa. Idan ka ja layi don ka fitar da hannun da ke daidai kafaɗa, layin nan zai ratsa hoton tun daga sama har ƙasa, ya tafi da duk abin da ya tarar a hanya. Saboda haka tambayar farko ba ita ce ko hannun babba ne ko ƙarami ba. Tambayar ita ce, akwai hanyar da miƙaƙƙen layi zai bi tsakanin kan yatsun nan da jikin mai hoton, kuma me layin zai tarar a sama da ƙasan wurin?

Mu ɗauki hoto guda mu bi shi daki-daki. Kyamara ce irin wadda masu ɗaukar biki da yawa ke riƙewa, mai fiksel miliyan 24, an ɗauki hoton a tsaye: faɗi fiksel 4000, tsayi 6000. Amarya ce a zaune, daga ƙolin ɗaurin ɗankwali har gwiwa. Fuskarta na tsakiya, ta ɗan juya tana duban dama. Hannayenta biyu na bisa cinya, an zana musu lalle baƙi da ja, ga zobba. Hannun gwaggo ya shigo ta dama daidai kafaɗa, da agogo a wuyan hannun, ya kutso har fiksel 700 amma bai kai ga taɓa ta ba. Tsakanin kan yatsu da kafaɗar akwai tazarar fiksel 300.

Za a ja layi a cikin wannan tazara, amma ba a kan farce ba. A bar rata kamar fiksel 100, wato a cire 800 daga faɗin, saura 3200. Dalilin ratar shi ne yatsan da ke motsi ko wanda bai faɗo daidai saitin kyamara ba ba ya ƙarewa tsaf, yana da wani dishi-dishi a gefensa. In ka datse dab da shi, za a ga wani ɗan tabo mai launin fata a bakin hoton wanda ba a san ko mene ne ba. Guntun yatsa ya fi cikakken hannu muni. Hannu dai an san hannu ne, guntu kuwa sai ya zama kamar datti a takarda. Bayan an ja layin sai a buɗa hoton sosai a allo, a bi bakin nan na dama daga sama zuwa ƙasa da ido.

Cire 800 daga 4000 kashi ɗaya ne cikin biyar, kuma mutum zai ɗauka asarar ke nan. Ba ita ke nan ba. Takardar hoto da firem suna da siffarsu, ba sa karɓar kowane irin tsayi da faɗi. In ana so hoton ya ci gaba da zama a siffarsa ta asali, biyu a faɗi uku a tsayi, wadda ita ce ta takardar inci 4 da 6 ko 8 da 12, to dole tsayin ma ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar, daga 6000 zuwa 4800. Hoton ya koma fiksel miliyan 15 da ɗoriya. An cire kashi ɗaya cikin biyar na faɗi, amma sama da kashi ɗaya cikin uku na hoton ya tafi.

Wannan adadi yana tsorata mutane, alhali a irin wannan kyamara shi ne mafi ƙarancin abin damuwa. Ma'aunin da ake bi wajen wanke hoton da za a riƙe a hannu shi ne kusan fiksel 300 a kowane inci. Raba 3200 gida 8, ka sami 400, ya wuce abin da ake bukata. A faɗin inci 12 ana samun 267, ba wanda zai ga bambanci. Ko a inci 20, inda lissafin ya sauko 160, hoton zai yi kyau a bangon falo, domin babban hoto daga nesa ake kallonsa. In dai hoton ya fito tar tun asali, fiksel ba za su hana wannan datsa ba.

Inda lissafin ke cizo shi ne hoton da ya biyo ta WhatsApp. Idan aka tura hoto ta hanyar da aka saba, manhajar tana matse shi har dogon gefensa ya dawo kusan fiksel 1600. Hoton amaryar nan zai zama faɗinsa bai fi 1070 ba, in an datse hannun saura kamar 850. A takardar inci 4 da 6 zai wuce. A faɗin inci 8 kuwa fiksel ɗari da 'yan kai ne a inci, zanen lalle zai narke, gashin ido ya haɗe, fuskar ta yi kamar an shafa mata mai. Shi ya sa in Hajiya ta miƙo waya a situdiyo ta ce, "Malam, ka cire min hannun nan ka yi min babba," amsar da ta dace ita ce, "Hajiya, wa ya ɗauka? A ce ya turo na asalin." A turo shi kuma ta zaɓin Document, wanda ba ya matse hoto. Sau da yawa wannan kaɗai ya raba gardama.

Tsadar gaske tana jikin amarya

Koma kan layin da muka ja. A daidai kafaɗa ya wuce lafiya, da saura fiksel 200 tsakaninsa da ita. Amma mutumin da ke zaune ya fi faɗi a gwiwar hannu fiye da kafaɗa, kuma gwiwar hannun amaryar nan ta fito har ta ƙetare layin da fiksel 100. Ke nan don a fitar da hannun gwaggo an aske gefen nata hannun.

Masu ɗaukar hoto suna da tsohuwar ƙa'ida cewa kada bakin hoto ya faɗa a kan gaɓa: wuya, gwiwar hannu, wuyan hannu, gwiwa, idon sawu, yatsu. In an yanke a tsakiyar damtse ko tsakiyar cinya, ido yana cika sauran da kansa, ya san hannun ya ci gaba a wajen takarda. In aka yanke daidai gaɓa sai ya zama kamar nan jikin ya ƙare. A nan suturarmu tana yi wa mai datsa rangwamen da ƙananan kaya ba sa yi. Mayafi, lafaya, hijabi da babbar riga suna ɓoye gaɓoɓi. Layin da ya ratsa ninkin mayafi a kan gwiwar hannu yadi ya yanka a ganin mai kallo, ba ƙashi ba. Da amaryar na sanye da riga mai matsattsen hannu, ko hannun a buɗe yake, da wannan askin ya fito fili, kuma da sai an ƙara shigo da layin ciki ya ratsa damtsen sosai, don a ga da gangan aka yi. Askin da ya ɗan taɓa gefe kawai shi ne ke kama da kuskure. A hotonmu mayafi ya rufe wurin, don haka wannan farashi ne da za a iya biya.

Na biyu ya fi nauyi. Dole a cire 1200 daga tsayi, to daga ina? Ƙolin ɗankwalin yana fiksel 400 daga sama. Yatsun amarya suna ƙarewa a 5000. Daga ƙolin ɗauri zuwa kan yatsu 4600 ne, mu kuma 4800 muke da shi. Ya shiga, amma da ƙyar: ɗari a sama, ɗari a ƙasa. Yanzu a ce Hajiya ta riga ta sayi firem na inci 8 da 10. Siffar wannan takarda huɗu ce a faɗi biyar a tsayi, wato faɗin 3200 ba zai ɗauki tsayin da ya wuce 4000 ba. Sai an zaɓa, ko ɗaurin kai ko lalle. Ba za a sami duka biyun ba, kuma in aka yi ƙoƙarin raba asarar, sai layin ƙasa ya faɗa daidai wuyan hannunta, na sama kuma ya aske ɗaurin, an ɓata wuri biyu ke nan.

A ganina a nan ne datsa ke fara wuce kima. Hoton amarya ba fuska kaɗai ba ne. An ɓata yini ana zanen lallen nan, an biya mai ɗauri, kuma shekaru masu zuwa abin da za a riƙa nunawa ke nan. Hoton da ya fitar da hannun gwaggo ya kuma fitar da hannayen amarya ya zama garin neman gira an rasa ido. Mafita a nan ba ta cikin kwamfuta: a bar firem na 8 da 10 wa wani hoton, a wanke wannan a 8 da 12.

Ko a hakan akwai sauran tarko guda. Leɓen firem yana hawa kan takarda ta kowane gefe, wani har rubu'in inci, injin wanki ma yakan ci ɗan kaɗan a baki. A hoton da ke da fiksel 400 a inci, rubu'in inci fiksel 100 ne cif, daidai ratar da muka bari a saman ɗankwali da ƙasan yatsu. A allo komai ya shiga, a bango kuma katako ya dafe ƙolin ɗauri ya taɓa farce. Maganinsa a sa wa hoton farin baki kafin a wanke, leɓen ya hau kan farin, ko a yi shi a inci 12 da 18 inda leɓen ke cin ƙasa da fiksel 70. Wasu sukan yi dabarar barin ɗan guntun yatsan da ya kutso, wai firem zai rufe. Zai rufe a wannan firem ɗin, amma hoton zai shiga albam, zai yawo a waya, can kuma babu leɓe.

Game da saman kai, mujallun Turai sun saba datse ƙolin gashi a hoton fuska na kusa, ba wanda ke ganin laifi. A wurinmu abin da ke bisa kai yakan faɗi ko wane ne mutum. Rawani mai kunne biyu a Kano alama ce ta jinin sarauta, wanda ya datse kunnuwan don ya daidaita siffar takarda ya cire wani abu daga matsayin mai hoton, kuma za a gaya masa. Haka zanen hula, haka ɗaurin da mace ta zaɓa. Mai datsa a nan ba shi da sararin sama da yawa da zai yi ciniki da shi.

Saura inda take duba. Kafin datsa hancinta na tsakiya, 2000 ta hagu, 2000 ta dama. Yanzu 2000 ne a bayanta, 1200 a gabanta, ita kuwa dama take kallo. Fuska tana son sarari ta inda ta dosa. In sararin ya koma bayan ƙeya, sai mutum ya yi kamar an tura shi jikin bango, ko yana shirin fita daga hoton. Abin da hannu ke saurin yi shi ne a datse hagu ma don a daidaita. Cire 800 ta hagu, faɗi ya dawo 2400, tsayi ya dawo 3600, lalle ya fita gaba ɗaya, kafaɗu sun matse. Haka datsa ke jan datsa. Kowane gyara yana neman wani, har a wayi gari hoton zama ya koma hoton fasfo. A hotonmu juyin fuskar kaɗan ne, sararin 1200 kuma bai gaza faɗin fuskarta ba, saboda haka gara a bar hagu yadda yake a jure ɗan karkatar. Da a ce hagu take duba, da datsar nan ta zama kyauta, domin za ta ƙara mata sarari a gaba ta gyara tsarin hoton fiye da yadda aka ɗauke shi. Hannun da ya shigo ta bayan mutum kusan kullum ya fi arhar cirewa a kan wanda ya shigo ta gabansa.

Wajen aikin kansa babu wuya. Kusan kowace waya tana da Crop a cikin Edit, da wurin zaɓen siffa kamar 2:3 ko 4:5. A fara kulle siffar takardar da za a wanke kafin a ja layi, don a ga farashin tun da wuri. A Lightroom harafin R ke buɗe datsa, kuma ba ya taɓa hoton asali. A Photoshop akwai akwatin Delete Cropped Pixels a sama, in an bar shi a kunne aka adana a kan fayil ɗin, abin da aka datse ya tafi. A kwafi ake aiki. Idan hannun ta kusurwa ya leƙo, juya hoton da digiri ɗaya ko biyu yakan fitar da shi da asara kaɗan, sai dai a duba ƙofa ko labulen da ke baya, domin su za su tona karkatar.

In hannun ya riga ya sauka

Hoto na gaba a katin, bayan rabin daƙiƙa, yatsun gwaggo sun sauka a kafaɗa sun kama bakin mayafi. Kuma kamar yadda aka saba, a wannan ne murmushin ya fi kyau. Yanzu babu tazara. Duk layin tsaye da zai fitar da yatsun sai ya ratsa kafaɗa kusa da wuya, ya tafi da hannunta na wannan gefen gaba ɗaya. Abin da ya rage shi ne a matso sosai, layin ƙasa ya hau saman yatsun, a yi hoton fuska zalla.

Wani lokaci hakan na yiwuwa. A ce abin da ya rage faɗinsa 1500 ne: zai yi kyau a takardar inci 5 da 7, zai yi a waya, a inci 8 ya fara laushi, kuma duk wani ɗan rashin saiti da ba a gani a cikakken hoton yanzu zai bayyana, tunda an kusanto da shi. Amma abin dubawa shi ne inda layin ƙasa ya faɗa. In yatsun suna can gefen kafaɗa, ana iya barin wuya da sarƙa da farkon kafaɗu, hoton ya zauna daram. In sun hau kusa da wuya, layin zai bi ta ƙarƙashin haɓa, a sami kai ba gangar jiki. Wannan ba hoton da za a ba mutum ba ne komai kyan murmushin.

Hannun da ya taɓa jiki kuma yana barin sawu ko bayan an fitar da shi. Mayafin da aka ja yana yin layukan tauri da ke nufar wurin da babu kowa. Inuwar hannun tana kan kumatu ko ƙirji, musamman in an yi amfani da filasha. Kafaɗar takan ɗan ɗaga, ido yakan karkata wajen mai taɓawar. Mai kallo ba zai iya faɗin abin da ke damunsa ba, amma zai ji hoton bai kwanta ba. An fi ganin haka a hoton jariri. Yaron da bai iya zama ba, hannun uwa ne ke tallafe da shi, in aka datse hannun sai a gan shi a jingine da iska, rigarsa a tattare ta gefe guda. Masu hoto a Turai da Amurka a ƙarni na 19 sun sha fama da wannan, lokacin da ɗauka ke bukatar a zauna shiru na ɗan lokaci. Sukan lulluɓe uwar da zane ta riƙe yaron, sannan a sa takardar firem mai ƙaramar taga ta rufe ta. Yau in an cire takardar sai a ga uwar zaune a lulluɓe, wani lokaci ga yatsunta a ƙugun yaron.

To idan datsa ta gaza fa? Abu na farko a duba hotunan da ke kusa da shi a katin, wanda aka ɗauka kafinsa da bayansa. Murmushin da ya ɗan gaza kaɗan a hoto mai tsabta ya fi murmushi cikakke a hoton da aka yi wa kaca-kaca. Na biyu, a tambayi ko hannun ma laifi ne. Hannun tsohuwa mai jijiyoyi da awarwaro a kafaɗar jikarta ranar aurenta ba shara ba ne, kuma in akwai inda aka ɗauko da faɗi har fuskar mai hannun ta shigo, wannan ne hoton. Abin da ya ɓata na farkon rashin mai hannun ne, ana kuma gyara shi ta shigo da ita kamar yadda ake gyara shi ta fitar da hannun. Ko a hoton da fuskarta ba ta fito ba, hannun da ya shigo har gwiwa, ana ganin abin da yake yi, ya fi zama da kyau a kan yatsu huɗu da suka leƙo. Hannun da ke riƙe da waya ko robar ruwa ne ba shi da wannan uzuri.

Na uku shi ne gogewa, a kwafo yadi da bango daga wani wuri a rufe hannun da su, irin aikin da Clone Stamp ke yi. A hoton biki wannan tsakanin mai hoto ne da mai biya. Yana sauƙi a kan bango fili, yana wuya a kan leshi da atamfa, inda zanen da aka kwafo ke maimaita kansa ya tona asiri. A aikin jarida kuwa akwai katanga tsakanin abubuwan biyu. Kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya yarda da datsa, bai yarda a goge wani abu daga cikin hoto ba. A Janairun 2014 ya raba gari da Narciso Contreras, ɗan ƙasar Mexico da ke cikin ayarin da ya ci kyautar Pulitzer a 2013, saboda ya goge kyamarar bidiyon wani abokin aikinsa daga kusurwar hoton wani mayaƙi a Siriya. Ba fuska ya sauya ba, ba makami ya ƙara ba, abu ne a kusurwa irin wanda muke magana a kai. Amma halaccin datsa a jarida bai sa kowace datsa ta zama gaskiya ba. Hannun da ke miƙa takarda, ko karɓar kuɗi, ko riƙe da kwalar wani, shi ne labarin. Fitar da shi da miƙaƙƙen layi ɓoye labari ne kamar goge shi.

Akwai masu ganin datsa gaba ɗayanta gazawa ce. Henri Cartier-Bresson na Faransa ya shahara da ƙin a taɓa gefen hotunansa, har akan wanke su da baƙin bakin fim a kewaye don a shaida ba a rage komai ba. Duk da haka hotonsa na 1932, na mutumin da ke tsallake ruwa a bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare a Paris, datsattse ne. Ta tsakanin katakan shinge ya ɗauka, katako ya rufe gefen hagu, aka cire wurin. Abin da aka cire duhu ne zalla, bai ɗauki komai na hoton ba, kuma da wannan ma'aunin ya kamata a auna hannun gwaggo.

Hukuncin ƙarshe ba a cika yanke shi daidai a allon waya ba, domin a can komai ƙarami ne, komai kuma tar yake. In hoton mai muhimmanci ne, a wanke biyu a ƙaramar takarda, wanda aka datse da wanda aka bari, a ajiye su gefe da gefe a gaban wanda bai san da zancen hannun ba, a tambaye shi abin da ya fara gani a kowanne. In a na asalin ya ce hannu, a datsattsen ya ce fuska, datsar ta biya kuɗinta. In a datsattsen ya tambayi ina hannayenta, ko me ya sa ta matsu a gefe, a koma wa na asalin ko a nemi wani a katin. Mai kyamara kuma, a wurin da mutane ke kai da kawo, ya riƙa ja da baya taki ɗaya fiye da yadda idonsa ke so, ya ɗauki uku ko huɗu a jere. A kyamara mai fiksel miliyan 24, sararin da ya bari a gefe ba zai rage masa komai a takarda ba, kuma a cikinsa ne layin datsa zai sami wurin wucewa in hannu ya shigo.